Nata'ala da Turke na Huɗu

Duk wanda ya taɓa zubar da makullinsa a Suleja, da wuya a ce bai san Malam Nata'ala ba. 'Yar rumfarsa na nan a bakin babbar kasuwa, yana yankan makulli, yana gyaran kwaɗo. Mutum ne siriri, mai furfura a gemu, ba ya son dogon zance. Kafin ya kama wannan sana'a ya daɗe yana tsaron sito a wani kamfanin gini a Abuja, kullum ya bi motar asuba ya dawo da magariba, kuma har ya bar aikin ko ƙusa ba a taɓa nema an rasa ba. Wannan shi ne abin alfaharinsa a duniya. Ba shi da mota, bai je Makka ba, amma in ka ba shi ajiya, sai ka je ka yi barcinka.

Halin ma har ya yi yawa. Lasifikar masallaci a wurinsa take kwana, haka tabarmin ta'aziyya na unguwa. Matarsa Rabi'a takan ce ita ba miji ta aura ba, sito ta aura, don ko ƙarƙashin gadonsu kayan mutane ne. Shi kuwa sai ya yi murmushi, a zuciyarsa yabo ne aka yi masa.

Shi ne auta a gidansu. Mahaifiyarsu ta rasu yana rarrafe, yayarsa Fatsuma ce ta goya shi, ta yi masa tsarki, ta zane shi in ya yi ƙiriniya. Har gobe, da furfurarsa da komai, Auta take kiransa, kuma in ta yi magana ba ya ɗaga ido. Bayan mijinta ya rasu ta dawo gidan mahaifinsu a Gangaren Tsamiya da zama. Ɗakuna biyu na baya ta zuba 'yan haya, samarin nan masu zuwa aiki Abuja, da abin da suke ba ta take riƙe da kanta da jikokinta. Ɗaya daga cikin ɗakunan nan shi ne na mahaifiyarsu, a cikinsa aka haifi Nata'ala.

Bayan gidan kuwa akwai kwazazzabo. Suna yara ɗan lambatu ne da suke tsallakewa da ƙafa ɗaya. Da gari ya cika, aka rufe tudu da kwano da siminti, ruwan da ƙasa take sha a da sai ya riƙa taruwa yana gangarowa da gudu, kowace damina ya yagi rabonsa. Lambatu ya zama rami, rami ya zama abin da in akuya ta faɗa sai an sa tsani.

Ana nan, wata shekara kafin saukar ruwa, sai ga mutanen wani shiri na yaƙi da zaizayar ƙasa. Shugabarsu wata injiniya ce, Nneka, haifaffiyar Madalla, Hausa a bakinta kamar ta kashe ka. Ta gaya wa mai unguwa cewa kwazazzabai da yawa ne a garin, aikin da za a iya yi bana kuma guda biyu ne kacal. Don haka za su auna kowanne yanzu, su dawo bayan damina su sake aunawa. Wanda ya fi cin ƙasa, kuma gidaje na bakinsa, shi za a fara yi wa magudanar kankare.

Nata'ala ya rufe rumfa ya zo kallo. Suka bi kwazazzabon daga kansa zuwa ƙasa, duk mita ashirin sai su tsaya su kafa turakun ƙarfe biyu, ɗaya a wannan gaɓa ɗaya a waccan, su shafa musu jan fenti su rubuta lamba. Sai su ja tef daga turke zuwa turke ya miƙe a saman ramin, wani ya sauka da doguwar sandar awo. Su ɗauki faɗin baki, su ɗauki faɗin gindi, su ɗauki zurfi. Wuri takwas suka yi haka. Na huɗun ya faɗo daidai bayan gidan Yaya Fatsuma, tef ɗin na kallon tagar ɗakin mahaifiyarsu.

Da za su tafi Nneka ta ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, matsalarmu 'yan jari-bola. Ƙarfe suka gani sai su tuge. Akwai wanda zai kula mana da turakun nan?"

Ai kafin ta rufe baki mutane sun juya sun kalli Nata'ala. Ta ce, "Baba, amana ce. Kada ɗaya ya ɓata." Ya ce, "'Yata, in ɗaya ya ɓata ki zo ki tuge ni ki kafa." Aka yi dariya. Ta ba shi lambar wayarta, suka shiga mota.

Daminar nan an yi ruwa na fitar hankali. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, kafin ya tafi kasuwa sai ya zaga ya gaida turakunsa. A tsakiyar Agusta kwazazzabon ya juyo kan gidan Yaya. Ya cinye bishiyar lemun tsaminta, ya haɗa da banɗakin 'yan haya. Wata safiya Nata'ala ya zo ya tarar turke na huɗu na tsaye a kan ɗan tsinin ƙasa, ƙasan duk ya rarake, ruwa ɗaya ya rage ya tafi da shi.

Me mai amana zai yi? Ya ɗauko diga ya tono shi. Ya dudduba, ya ga can ƙasa kaɗan akwai wurin da dutse ya fito, ƙasar ta yi tauri, ramin ma ya tsuke. Ya ce ai nan ko ruwan Ɗufana aka yi turke ba ya motsi. Ya kafa shi a nan. Sai kuma ya tuna ya ga suna jan tef a miƙe, kada ya bar musu aiki a karkace. Don haka ya zagaya ta gada, ya tuge ɗan'uwansa na waccan gaɓar daga gindin dogonyaro, ya kawo shi daidai da wannan, har da ɗaura zare don su daidaita. Ya sayo siminti da kuɗin aljihunsa ya zuba musu. Kai, aikin ya yi kyau! Lambar Nneka na cikin wayarsa, amma bai ga abin damun injiniya a kan ɗan wannan ba.

Bayan ɗaukewar ruwa masu awo suka dawo. Nneka ba ta zo ba, tana wani aikin a Tafa, sai ta turo wani sabon ma'aikaci, Bamidele. Ya ga turaku goma sha shida cif, da fentinsu, ya riƙe baki. Ya ce, "Baba, wallahi duk inda muka je rabi an sace. Kai kaɗai ne ka cika." Ya faɗa a gaban mutane, mai unguwa na gyaɗa kai. A lokacin maganar ta zo wa Nata'ala har maƙogwaro: ya ce af, na huɗun nan fa na ɗan matsar da shi. Amma yabon ya yi masa daɗi, bai so ya sa masa ɗigon komai. Ya haɗiye. Wannan haɗiyar ita ta zame masa ciwo daga baya, fiye da tonon kansa.

Sai da rani ya yi nisa Nneka ta zo da sakamako. Aka taru a ƙofar gidan mai unguwa, mata na daga soro. Ta ce Gangaren Tsamiya ta zo ta uku. Bana ba za a yi musu aiki ba.

Wuri ya kaure. Ta ɗaga hannu ta ce su bari ta nuna musu yadda aka yi, kada su ce son kai ne. Ta tsuguna ta zana a ƙasa da tsinke.

"Ku ɗauka kwazazzabon burodi ne, muka yanka shi wuri takwas. Kowane yanka muna neman girman fuskarsa. A yanka na huɗu, bayan gidan Mama Fatsuma, awon farko, baki mita shida ne, gindi mita biyu. Ka haɗa ka raba biyu, huɗu ke nan. Zurfi mita uku. Huɗu sau uku, murabba'in mita goma sha biyu. Haka za ka yi wa yanka na gaba. Sai ka haɗa fuskokin biyu ka raba biyu, ka ninka da mita ashirin ɗin da ke tsakaninsu. Abin da ya fito shi ne yawan ƙasar da babu a wannan tsakanin. Ka bi su duka ka tara. Bayan damina ka sake, ka cire na farko daga na biyu. Abin da ya rage shi ne ƙasar da ruwa ya kwashe."

Ta ce nasu ya ba da kubik mita ɗari biyu da arba'in. Kubik ɗaya shi ne cikin akwatin da ke da mita ɗaya ta kowane ɓangare, don haka a ce tifa ashirin da huɗu, irin mai ɗaukar goma. Na Madalla da ya zo na biyu ya haura ɗari huɗu.

Daga cikin soro muryar Yaya Fatsuma ta fito, ba ta ko nemi izini ba. "Ke yarinya, bayan gidana nawa ya ƙaru?"

Nneka ta duba wayarta. "Daga goma sha biyu zuwa goma sha huɗu, Mama."

"Biyu? Ramin da ya haɗiye mini lemo da banɗaki shi ne biyu? Ki ji tsoron Allah!"

"Mama, ni ban zo awo na biyu ba, amma awo ba ya ƙarya in dai turke na wurinsa. Shi ya sa muke kafa su. Duk aikin nan a kan abu ɗaya ya tsaya, a auna wuri guda sau biyu. In turke ya matsa, ka auna wani rami ne daban. Naku kuwa an ce mini ko ɗaya bai ɓata ba."

Nata'ala na zaune a gefen tabarma. Ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi a tsakiyar baya. Wani matashi ya miƙe ya ce ai an san irin wannan, mutanen Madalla sun miƙa abin da suka miƙa, kuma ita 'yar can ce. Wasu suka ɗauka. Nneka ta tsaya tana kallonsu, idonta ya kawo ruwa, ta tattara kayanta ta nufi mota. Shi kuwa mai amana yana zaune, ya san gaskiya tsaf, ya kafa ido a kan yatsun ƙafarsa. Kunya ce ta danne shi, ba wani abu ba, kunyar a ce Nata'ala ne.

Daga ranar ya rasa sukuni. Ya yanka wa wani direba makulli sau uku bai buɗe ba, abin da bai taɓa faruwa da shi ba. Tuwo ya koma masa kamar ƙasa. Rabi'a ta tambaye shi ko zazzaɓi ne, ya ce e, ta kawo magani ya sha don a bar shi. In ya je gaida Yaya sai ta zaunar da shi ta yi ta zagin injiniya, shi kuma ya yi ta cewa, "Sai haƙuri, Yaya." Ya ji ya tsani muryarsa.

Da abin ya ishe shi ya hau keke-napep ya je ofishinsu. Ya tarar da Nneka a bakin ƙofa za ta fita. Bai iya zagaye-zagaye ba, ya faɗa mata a tsaye. Ta daɗe tana kallonsa.

"Baba, kana wurin fa ranar da suka ce na ci kuɗi."

"Ina wurin, 'yata."

Ta juya masa baya. Can ta ce, "Ni ma da nawa. Na ce maka kada ya ɓata, ban ce maka kada ya motsa ba. Kuma ya kamata na kafa wani turken nesa da baki, na kuma zo da kaina na gani. Ɗauko wancan tef ɗin, mu je."

Gano ainihin wurin bai yi wuya ba. Ta ja mita ashirin daga turke na uku, ta duba hoton da ta ɗauka ranar farko inda tef ke kallon taga, shi kuma ya nuna mata tsohon ramin turken a gindin dogonyaro. Duk ukun suka haɗu a layi ɗaya. Mita takwas ya matsar da shi. Bamidele ya sauka da sanda, Nata'ala ya riƙe kan tef a bakin gaɓa. Baki mita goma sha ɗaya. Gindi biyar. Zurfi huɗu.

"Takwas sau huɗu, talatin da biyu," in ji Nneka. "Mu kuma muka rubuta goma sha huɗu." Ta ce goma sha takwas ne suka ɓace, kuma yanka na huɗu yana shiga lissafin tsakanin da ke samansa da wanda ke ƙasansa, rabi nan rabi can, don haka mita ashirin yake ɗauka. Kubik ɗari uku da sittin. Don ta tabbata ba ɗan wuri ɗaya ne ya buɗe ba, ta ƙara yanka biyu, ɗaya sama kaɗan ɗaya ƙasa kaɗan, lissafin bai yi nisa da haka ba. Ƙasar da Gangaren Tsamiya ta rasa ta kai kusan ɗari shida. Da su ne na biyu, da tazara ma.

Nata'ala bai iya lissafin kubik ba, amma ya san tifa. Tifa talatin da shida na ƙasar bayan gidan ubansa ya ɓoye da diga ɗaya da ɗan siminti.

"Za a gyara?" ya tambaya.

"Takarda za a gyara, Baba, yau ma zan rubuta. Zan ce turke ya sauya wuri, ba sai na sa suna ba. Amma aikin bana an riga an bayar, a Madalla har sun fara zuba kankare, su ma gidajensu na bakin rami. Ku ne na farko baɗi, in Allah ya kai mu." Ta ɗaga kai ta dubi bangon ɗakunan baya. Tsakaninsa da gaɓa bai kai mita biyu ba, kuma ƙasan gaɓar ya rarake. "Wannan bangon ba zai ga baɗi ba. A fitar da mutane, a cire abin da za a iya cirewa kafin ruwa."

Yaya Fatsuma na leƙensu ta saman katanga tun da suka zo. Nneka ta gaishe ta, ta kau da kai.

'Yan haya suka kwashe kayansu suka koma Madalla. Ranar da hadarin farko ya fara haɗuwa a gabas, Nata'ala ya zo da tsani da guduma don cire kwanon ɗakunan, ko ba komai a tsira da shi da ƙofofi. Ya jingina tsani a bangon ɗakin mahaifiyarsu. Yaya na zaune a kan turmi a tsakar gida, ta zuba tagumi. Ta tsufa a 'yan kwanakin nan, shi kansa ya gani.

"Ka ga ta dawo tana wani aune-aune," in ji ta. "Bayan ta gama cin abin da za ta ci. Auta, a ɗakin nan Inna ta cika, kanta a kan ƙafata, kai kana bayana a goye. Yau ga shi da hannunmu za mu yaye shi." Ta ɗaga hannuwa sama. "Ya Allah, duk wanda ya yi sanadin da aka tsallake mu, ko wane ne, ko ɗan wane ne, ban yafe ba. Allah ya isa tsakanina da shi, duniya da lahira."

Ta jira. Ƙafarsa ɗaya na kan tsani.

"Ba ka ji ba ne? Ka ce amin mana."

Ya sauke ƙafar. Ya zo ya tsuguna a gabanta kamar yadda yake yi yana yaro in ya fasa mata tulu.

"Yaya, ba ita ba ce. Ni na matsar da turken. Na ga zai faɗa rami na kai shi wurin dutse, suka auna can maimakon nan. Na san haka tun ranar taron, na yi shiru."

Hannuwanta na sama ba ta sauke ba. Ta dube shi, ta dubi ɗakin, ta sake dubansa. Ya so ta mare shi, wallahi da ya fi masa sauƙi. A hankali ta sauke hannuwan a kan cinyarta.

"Kai ne ka bari na yi ta zagin 'yar mutane?"

"Ni ne."

"Ka bari har na ɗaga hannu a kanka?"

Ya sunkuyar da kai. Iska ta taso ta fara kaɗa shanyar da ke tsakar gida. Yaya ta share fuska da gefen mayafinta.

"Ya Allah, na janye," ta ce, muryarta ta dishe. "Ɗan Inna ne, na janye." Sai ta miƙe da ƙyar, ta je ta kama ƙafar tsanin da hannu biyu. "Gobe ka kai ni wurin yarinyar nan na roƙe ta gafara. Yanzu hau, Auta. Ka fara da ɗakin Inna, ni ba zan iya kallo ba."

Ya hau. Tana riƙe da tsanin, fuskarta a bango, ya sa guduma ya zare ƙusar farko.